Takardar neman ɗaukar nauyin karatu da jarrabawar Linux

Sashen Kwamfuta,
Babban Ofis, Katsina.
14 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga Manajan Gudanarwa.

Assalamu alaikum.

Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne ina roƙon kamfani ya ɗauki nauyina in yi karatu in zauna jarrabawar LFCS, wato satifiket ɗin kula da na'urorin Linux da ƙungiyar Linux Foundation ke bayarwa.

Na san ba ka manta da ƙarshen watan Agusta ba, ranar da manhajar albashi ta tsaya cak, Daura da Funtuwa suna ta bugo waya, Malam Kabiru kuma, wanda shi kaɗai ya san aikin Linux sosai a gidan nan, yana asibiti da mahaifiyarsa. Cikin minti goma na gano ciwon. Na buga wannan:

```
df -h /var
```

sai ga shi wurin ajiyar ya cika maƙil, bayanan da sabar, wato kwamfutar da manhajar ke kai, ke rubutawa kullum sun cinye shi. Akwai sauran fili a faifan, kuma na san da `lvextend` ake ƙara shi, amma ban taɓa yi da hannuna ba, ban kuma yarda in koyi aski a kan albashin mutum tamanin ba. Haka muka zauna har injiniya ya iso daga Kano bayan La'asar. Aikin bai ɗauke shi rabin awa ba. Kuɗin motarsa da ladan aikinsa suna cikin takardun akanta.

Shekarata biyu a nan. Buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, gyaran firinta, jan waya, duk ina yi. Abin da na sani na Linux kuwa tsintar sa na yi, wani a bayan Malam Kabiru, wani da dare a waya, shi ya sa yake da giɓi. Ga kuma aiki na tafe: sabobinmu biyu suna kan nau'in Linux mai suna Ubuntu 20.04, wanda tallafinsa na yau da kullum ya ƙare a watan Mayun bana. Dole a ɗaga su zuwa sabon zubi, kuma bai kamata a ce mutum ɗaya ne tal a gidan nan zai iya ba.

Cikin sauran satifiket na Linux na duba LPIC-1, amma jarrabawa biyu ce ta amsa tambayoyi. RHCSA ta aiki ce, sai dai a kan nau'in Linux na Red Hat take, mu kuwa ba shi muke amfani da shi ba. LFCS awa biyu ce, ana ba mutum na'ura ta intanet a ce ya yi aikin a gani: asusun ma'aikata da izininsu, faifan ajiya, haɗin sadarwa, tayar da manhajar da ta faɗi. Hadda ba ta fid da mutum a nan, abin da ya ja ni ke nan.

Kuɗin jarrabawar dala 445 ne, kuma idan mutum ya faɗi yana da damar sakewa sau ɗaya ba tare da sabon biya ba. Ina roƙon a haɗa da kwas ɗinsu mai lamba LFS207. Na liƙa farashin duka biyun a bayan takardar nan, akanta sai ya lissafa da canjin ranar biya. Babu kuɗin mota ko masauki, don daga nan Katsina ake zaunawa, mai sa ido yana kallo ta kyamara. Sai dai tana son ɗaki shiru da intanet da wutar da ba za su yanke ba, abin da ba zan samu a gidanmu a Ƙofar Marusa ba. Don haka ina neman aron ɗakin taro wata Asabar, tunda yana kan sola, da tsohuwar kwamfutar da ke sito in riƙa gwaji a kanta, in ɓata in gyara.

Karatun ba zai taɓa lokacin aiki ba, bayan Isha'i da ƙarshen mako zan yi, ina sa ran zaunawa a watan Fabrairu.

Na san abin da ake tsoro, a kashe wa yaro kuɗi ya ɗauki takarda ya wuce Abuja. Satifiket ɗin shekara biyu yake aiki. A shirye nake in sa hannu cewa zan yi waɗannan shekarun a nan, in kuwa na tafi kafin nan a cire kuɗin daga haƙƙina. Zan kuma rubuta matakan kula da sabobinmu a ajiye a ofis.

Malam Kabiru ya karanta takardar nan, ya ce a tuntuɓe shi in da tambaya. In ka ba ni minti goma a makon nan, sai in zo da takardun.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Aliyu Musa,
Ƙaramin jami'in kula da na'urori.