Tara, Ba Goma Ba

Sati biyu da Alhaji ya damƙa wa Bello makullin sitonsa da ke bayan babbar kasuwar Garwa, littafi ya ƙi yarda da abin da ke ƙasa. Littafi ya ce kwalin sabulu 610, Bello ya ƙirga 130.

Ba sabon labari ba ne. A kan wannan giɓin aka kori Dauda lebura kafin Sallar layya, unguwa ta ɗauka ɓarawo ne, har maganar aurensa ta lalace. Amma bayan tafiyarsa kaya ba su daina ɓata ba.

Ran Laraba mota ta iso daga Ngaundare da kayan da jirgin ƙasa ya sauke. Baba Hamadu, wanda ya riƙe siton shekara 26 kafin yanar ido ta zaunar da shi a kan benci, ya miƙe don ya nuna wa yaro aiki. Ya bi jerin kwalayen yana taɓa kowanne da sanda.

"Jeri 40, goma-goma. Rubuta 400, ɗana."

Bello ya ɗaga kai. Kwalin ƙarshe ya kusa taɓa katakon rufi. Ya ɗora yatsa daga ƙasa ya hau sama, ya sake saukowa. Tara. Ya koma jeri na gaba, tara.

Ya ja shugaban leburori gefe. "Ai tun bara kamfani ya sake kwali," in ji mutumin yana share gumi. "Sabon ya fi tsawo, na goma ba ya shiga. Wa ya tambaye mu?"

Da dare Bello ya karɓo takardun direba daga kantin Alhaji, inda ake soke su a ƙusa ba mai waiwaya. Mota 12, kowace 360. A littafin Baba kuwa kowace 400. Kwali 480 da ba su taɓa hawa mota ba.

Bai yi barci ba. Baba ne ya roƙa masa aikin nan.

Bayan sallar asuba ya tarar da su biyun a zauren Alhaji suna shan kunu. Ya durƙusa, ya ajiye takardun.

"Ranka ya daɗe, ba a saci komai ba."

Ya yi bayani kansa a sunkuye. Baba Hamadu ya ajiye ludayi, ya daɗe yana salati a hankali.

"Ni na rantse Dauda ne ya sata, Alhaji," ya ce.

Alhaji ya juya takardun ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe.

"Ina Dauda yake yanzu?"

"Yana lodin yashi a bakin Binuwai."

Alhaji ya ce a fito da mota. Baba ya laluba sandarsa.

"Zauna, Hamadu, rana za ta yi zafi."

"A'a. Bello, kama ni mu je."