Takardar Sassauta Buƙatar Hutun Shekara: A Raba Shi Biyu Ko A Rage Kwanaki

Ijora, Legas
Litinin, 24 ga Nuwamba, 2025

Zuwa ga Manaja, Alhaji Kabiru

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto wannan ne a kan takardar neman hutu da na shigar ranar 10 ga Nuwamba, wadda na nemi kwanakin aiki 15 a jere, daga Litinin 15 ga Disamba zuwa Asabar 3 ga Janairu, in dawo bakin aiki Litinin 5 ga wata. Da na sake duba jadawalin lodi na Disamba, na ga waɗannan kwanaki sun haɗiye makon Kirsimeti da ƙidayar kayan ƙarshen shekara gaba ɗaya. Ko ni aka kawo wa takardar a haka, zan yi jinkirin sa hannu. Don haka na janye ta, ga kuma abin da nake roƙo a madadinta.

Abin da ba ya ɗaguwa guda ɗaya ne: ɗaurin auren ƙanwata a Kano ranar Juma'a 19 ga Disamba bayan an sauko daga masallaci, da kai amarya ranar Asabar 20. Sauran kwanakin duk ana iya matsar da su.

Shawarar da na fi so ita ce a raba hutun gida biyu. Kashi na farko kwana 5: Laraba 17, Alhamis 18, Juma'a 19, Asabar 20 da Litinin 22 ga Disamba, in kama aiki Talata 23 da ƙarfe bakwai na safe. Na sa Litinin ɗin a lissafi da gangan. Tafiyar mota daga Kano zuwa Legas takan ci yini da dare, kuma a Disamba hanya cike take, musamman daga Ibadan zuwa Berger. Idan na taso Lahadi da safe, ba zan yi alkawarin tsayawa a bakin tirela ina ƙirga buhu Litinin da safe ba, gara in faɗi ranar da na tabbata zan cika. Kashi na biyu kwana 10 ne, daga Litinin 12 zuwa Alhamis 22 ga Janairu, in dawo Juma'a 23.

Dalilin zaɓen tsakiyar Janairu shi ne a nan kasuwa take ɗan lafawa. An gama ƙidaya, 'yan sari na Oke-Arin da Daleko suna sayar da abin da suka tara kafin su sake ɗauka, sannan lodin azumi bai kankama ba. Ana sa ran fara azumi wajen 18 ko 19 ga Fabrairu idan an ga wata, kuma masu kai sukari da madara kasuwar Singa sukan fara ɗauka makonni uku zuwa huɗu kafin nan. Dawowata 23 ga Janairu ta faɗa daidai bakin wannan lodi. Idan aka tura kashi na biyu zuwa Fabrairu, mun gudu daga wata matsala mun faɗa wata.

In kwana 5 ma ya yi yawa a ganinka, akwai hanya ta biyu: kwana 3 kacal, Alhamis 18 zuwa Asabar 20, in tafi da jirgi in dawo Lahadi 21, Litinin 22 ina sito. Ragowar kwana 12 sai in ɗauka daga 12 zuwa 24 ga Janairu. Sai dai wannan hanyar tana da sharaɗi da kuma haɗari. Sharaɗin shi ne a biya ni kuɗin alawus na hutu a albashin Nuwamba, domin tikitin Disamba kullum ƙara tsada yake. Haɗarin kuwa hazo ne: a wannan lokaci ƙurar hunturu takan sa a jinkirta ko a soke tashin jirage a filin jirgin Malam Aminu Kano. Idan aka soke na Lahadi, Talata za ka gan ni, wato mun koma lissafin farko bayan an kashe kuɗin jirgi. Shi ya sa nake ganin ta farkon ta fi aminci.

Game da wanda zai riƙe sito, Malam Nura ne, mataimakina, Emeka na ofishin lissafi kuma ya dafa masa wajen takardu. Hutun Kirsimeti da aka amince wa Emeka zai fara 24 ga Disamba, ni kuma ina nan tun 23, saboda haka babu ranar da mu biyu za mu ɓace tare, kuma akwai yini guda da zai miƙa mini abin da ke hannunsa. Ni zan tsaya ranar 24 da 27, da kwanakin ƙidaya 29, 30 da 31, har da 2 da 3 ga Janairu. Waɗannan duk suna cikin hutun da na nema da farko.

Ba na so miƙa aiki ya zama na baki a ranar tafiya. Daga Litinin 8 zuwa Asabar 13 ga Disamba Malam Nura ne zai karɓi kaya ya fitar, ni ina gefe ina kallo, in gyara inda ya karkace. Ranar Talata 16 da yamma za mu ƙirga manyan kaya huɗu tare, sukari, madarar gari, man girki da taliya, mu daidaita da katin kaya, mu biyu mu sa hannu, Emeka ya shaida. Amfanin wannan ƙirga shi ne idan aka sami giɓi ranar 31, a san ko kafin tafiyata ya faru ko bayanta, ba a zo ana nuna wa juna yatsa ba. Mabuɗan ƙofa biyu da littafin webil za su shiga hannunsa a rubuce, da lambar takardar ƙarshe da na yanka.

A cikin kwanakin da ba na nan, abin da jadawali ya nuna zai shigo shi ne tirela 3 ta sukari, kowace buhu 600 mai kilo 50, da kwantena 1 ta madarar gari mai buhun kilo 25 daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can. Sukarin ba shi da wahala in an bi ƙa'ida: a ƙirga a bakin mota da mutum biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a jera layi goma-goma a kan katako, kada buhu ya taɓa siminti ko bango saboda danshi. Inda ake samun matsala shi ne gaggawa. Direba yana so ya fita kafin go-sulo ya rufe hanyar Apapa, 'yan dako kuma da buhu ake biyansu, kowa sauri yake yi, sai a sa hannu a webil kafin a gama ƙirga. Da zarar an sa hannu a kan 600, ko 594 aka sauke, asarar buhu 6 tamu ce. Na rubuta wa Malam Nura cewa buhun da ya yage ko ya jiƙe a ware shi gefe, a ɗauki hotonsa da lambar motar a ciki, a rubuta adadin a jikin webil ɗin kafin direba ya sa nasa hannu.

Kwantenar ita ce abin da ya fi damuna, kuma a kanta nake neman taimakonka. Wakilinmu na fito ya ce yana sa ran ta fito tsakanin 15 da 19 ga wata. Idan za ka sa baki a matsa ta fito 15 ko 16, ni zan sauke ta da kaina kafin in tafi. Idan ta makara, ga abin da za a kiyaye. A duba lambar hatimin ƙofa ta yi daidai da ta takarda kafin a yanke shi, a ɗauki hoto. A sauke a ranar da ta iso, ko da za a biya 'yan dako kuɗin dare, domin kowace ranar da ta wuce kwanakin kyauta na kamfanin jirgi akwai kuɗin jinkiri, mai mota ma yana cajin kwanan motarsa, sannan mayar da kwantena wofi sai motar ta sami izinin shiga tashar ta tsarin Eto, wanda ba a samunsa nan take. Sabuwar madarar kuma a jera ta bayan tsohuwar. Akwai buhu 140 a layi na 4 da wa'adinsu ya fi kusa, su za a fara fitarwa. Mai riƙon ƙwarya yakan ɗauki na bakin ƙofa don ya fi sauƙi, tsohon kaya ya kwana a lungu.

Abu biyu nake roƙon kada a bar wa Malam Nura, ba don rashin amana ba, don kada a matsa masa: bayar da kaya bashi, da fitar da kaya ba tare da takardar biya daga Emeka ba. 'Yan kasuwa suna jin babban ma'aji ba ya nan, za su zo da "ai mun saba da shi, kullum haka muke yi". Duk mai irin wannan magana a turo shi wurinka. Wayata za ta kasance a buɗe, kuma ni zan kira sito sau biyu a yini, ƙarfe takwas na safe da biyar na yamma, ban da ranar Juma'a daga sha biyu zuwa huɗu. Ranakun da nake kan hanya akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, a aiko da saƙo a rubuce.

Sai maganar kashi na biyu. Ranka ya daɗe, ka san yadda hutun da aka raba yake ƙarewa idan ba a rubuta shi ba: rabin farko a ci, rabi na biyu a yi ta "bari a ga bayan wannan lodin" har shekara ta zagayo. Ina roƙon amincewar ta fito a takarda guda mai ɗauke da kwanakin kashi biyun, da bayanin cewa ragowar kwanakin na hutun 2025 ne aka tsallakar da su, ba za a cire su daga na 2026 ba. Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ya yarda a ɗage hutu idan ma'aikaci da mai aiki sun amince, matuƙar ba a wuce wata 24 ana aiki babu hutu ba, kuma ya hana a biya kuɗi a madadin hutun da doka ta tanada ga wanda yake kan aiki. Don haka ban kawo zancen a saye kwanakin ba. Idan wani uzuri ya taso wa kamfani a Janairu, na yarda a matsar da su da mako guda gaba ko baya, in dai an sanar da ni kafin 5 ga wata.

Ina fatan samun amsa zuwa Juma'a 28 ga Nuwamba, domin in kama kujerar mota ko tikiti tun da wuri, Malam Nura kuma ya san ranar da zai fara karɓar aiki. Na haɗo da kwafin jadawalin lodin Disamba da daftarin takardar miƙa aiki, na kuma ba ofishin ma'aikata kwafi. Idan kana son mu zauna mu uku da Malam Nura, gobe Talata bayan sallar Azahar babu motar da muke jira.

Allah ya ƙara girma, ya bar zumunci.

Naka,
Sani
Ma'ajin sito, Ijora