Umrar Rajab daga Zariya: Kwana 14, Mutum 40, Komai a Rubuce

(Rubutun bidiyon talla. A ofishin kamfani, PZ, Sabon Garin Zariya. Mai gabatarwa da manajar kamfani suna zaune, takardar yarjejeniya na kan tebur. Sunan kamfani da lambar wayar ofis suna ƙasan allo tun daga farko har ƙarshe.)

MAI GABATARWA: Assalamu alaikum jama'ar Zazzau, na cikin Birni da na Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru, har Shika da Giwa. Wanda ya daɗe yana cewa "in Allah Ya hore zan je Umra", ya ɗan ajiye abin da yake yi ya saurara. Hajiya, barka da wannan lokaci.

MANAJA: Barka kadai, Malam. Muna haɗa ayarin mutum 40 zuwa Umra a watan Rajab. Tashi ranar 8 ga wata, dawowa ranar 22, in Allah Ya yarda. Kwana 5 a Madina, kwana 9 a Makka. Kafin mu shiga bayani, ga takardar nan a hannuna. Duk abin da zan faɗa yana cikinta, har da ranakun watan Turawa da suka dace da waɗannan. Kada kowa ya ba mu ko sisi sai ya karanta ta, ko an karanta masa a gaban wani nasa.

MAI GABATARWA: To nawa ne kujerar?

MANAJA: Ya danganta da ɗaki. Ɗakin mutum huɗu, naira 3,150,000 kowane mutum. Na mutum uku, 3,400,000. Na mutum biyu, wanda galibi miji da mata ke ɗauka, 3,850,000 kowanne. Ban da yawan gadaje, ba abin da ya bambanta su. Otal ɗaya, mota ɗaya, malami ɗaya.

MAI GABATARWA: Mutum ya biya wannan kuɗi, me ya saya?

MANAJA: Bari in bi da ku hanyar, za a fi ganewa. Ranar tafiya a ƙofar ofishin nan za a haɗu, motarmu ta kai ayari filin jirgin Malam Aminu Kano, ita ce kuma za ta dawo da ku Zariya. Tikitin jirgi zuwa da dawowa, Kano zuwa Jidda, yana ciki, da jaka biyu masu kilo 23 kowace, da ƙaramar ta hannu. Bizar Umra da inshorar lafiyar da ke tare da ita suna ciki. Da yake Madina za mu fara, ba wanda zai ɗaura harami a jirgi. Daga Jidda bas mai sanyi zai wuce da mu Madina.

Masauki kuwa, a nan nake so a kasa kunne, don a nan aka fi jin haushin tafiya. Otal ɗinmu na Madina, da ƙafata na auna shi: minti bakwai zuwa harabar Masallacin Annabi, sallallahu alaihi wasallam. Na Makka ya fi nisa, kimanin mita 900, kuma akwai ɗan hawa a dawowa. Matashi zai taka a minti goma sha biyu, dattijo ya sa ashirin. Ba zan ce muku "a bakin Harami yake" ba, don ba a bakin Harami yake ba. A ayarin da ya wuce akwai wata Inna daga Tudun Jukun mai ciwon gwiwa. Dabarar da ta yi, takan fita kafin La'asar da ɗan buhun takalminta da gorar ruwa, ba ta dawowa sai bayan Isha'i. Ranar uku da zuwanmu ta fi mu sanin ƙofar da ta fi kusa. Mai irin wannan lalura ya faɗa mana tun wajen rajista, mu sa shi a ɗakin da ke kusa da lif, mu haɗa shi da abokin tafiya.

MAI GABATARWA: Abinci fa, Hajiya? Kin san mutanenmu da tuwo.

MANAJA: Sau biyu a rana, karin kumallo da na dare. Na daren girkin gida ne, wata rana tuwo da miyar kuka, wata rana shinkafa da miya ko dafa-duka.

Sai ziyara. A Madina akwai Masallacin Ƙuba, Ƙiblataini, da Dutsen Uhudu inda maƙabartar shahidai take, cikinsu har da Sayyidina Hamza. Baƙi'a tana jikin Masallacin Annabi, da ƙafa maza za su je. Shiga Rauda yanzu sai da izini ta manhajar Nusuk. Ma'aikacinmu zai zauna da kowa ya nema masa, amma hukumar can ce ke ba da lokaci, don haka ba na yi wa kowa alkawarin rana ko sa'a. Ranar barin Madina za mu tsaya a Zul Hulaifa, wato Abyar Ali, a ɗaura niyya, sannan a kama hanyar Makka, wajen kilomita 450. A Makka akwai zagayen Mina, Muzdalifa, Arfa, da gindin Dutsen Nur da na Sauru. Malami namiji da malama mace za su bi ayarin tun daga Zariya, kuma tare za a yi ɗawafi da sa'ayin Umrar farko. Bita sau biyu kafin tafiya, harami ga maza, hijabi ga mata, jakar wuya da katin shaida, duk kuɗinsu na ciki.

MAI GABATARWA: Yanzu ga tambayar da mutane ba sa yi sai an isa can. Me ba ya ciki?

MANAJA: Na farko fasfo. Kowa shi zai yi nasa a ofishin Shige da Fice, kuma dole ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare, in an lissafa daga ranar tafiya. A yau ɗin nan a ciro shi daga ƙasan akwati a duba. Mun sha ganin mutum ya gama biya sannan a gano fasfonsa saura wata huɗu. Katin rigakafi ma na mai tafiya ne: shawara, sanƙarau da shan inna. Za mu faɗa muku inda ake yi.

Abincin rana ba ya ciki, a ware masa kamar riyal 30 a kullum. Layin waya da data, wanki, aski bayan Umra, tsaraba, duk daga aljihu ne. Ruwan Zamzam na lita biyar da ake saya a filin jirgi, mai so shi zai biya. Kayan da suka haura kilo, kamfanin jirgi zai caje ku, kuma yana da tsada, ina roƙon iyayena mata a yi hattara da dabino da bargo. Wanda ba zai iya taka sa'ayi ba, mai tsawon kimanin kilomita uku in an haɗa sawu bakwai ɗin, kuɗin mai tura keke nasa ne. Mai son ƙara Umra daga Tan'im, motarsa a kansa. Wanda fidiya ta hau kansa, malami zai yi masa bayani, amma shi zai fitar. Guzuri kuma kowa ya san ƙarfinsa. A taho da rigar sanyi, Madina da asuba a wannan lokacin ba ta da sauƙi.

MAI GABATARWA: Biyan kuɗin, dole sai a dunƙule?

MANAJA: A'a, kashi uku ne. Mu ɗauki ɗakin mutum huɗu. Kafin alƙalami naira 800,000, shi ke kama kujera, kuma za a rufe rajista ranar 20 ga Rabi'us Sani, ko ranar da mutum 40 suka cika. Kashi na biyu 1,350,000, zuwa 10 ga Jimada Ula, da shi muke yankar tikiti mu kama ɗaki. Cikon 1,000,000 zuwa 5 ga Jimada Sani. Masu ɗakin uku da na biyu, bambancin kuɗinsu a kashi na ƙarshe yake. Wanda ya makara muna ɗaga masa ƙafa kwana biyar. In sun wuce bai zo ba, bai kira ba, kujerar ta koma ga na layi.

Abu ɗaya da ba na sassautawa: asusun kamfani kaɗai ake biya, lambarsa tana cikin takardar yarjejeniya. Ba ma karɓar tsabar kuɗi a hannu, ba mu da wakili a kasuwa ko a masallaci. Wanda ya turo muku lambar asusu mai sunan mutum ya ce daga gare mu yake, ko da ma'aikacinmu ne, kada ku tura. Kowane biya a karɓi rasit mai hatimi. Lasisinmu na Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ga shi can a bango, kowa na da damar ɗaukar hotonsa ya je ya bincika.

MAI GABATARWA: Hajiya, dala ba ta zama wuri ɗaya. In ta tashi fa?

MANAJA: Wanda ya biya duka a lokaci ɗaya, farashinsa ya tsaya, ko canji ya kai ina. Mai biya kashi-kashi, abin da ya riga ya biya ba a taɓa shi. Sauran ne kawai zai iya motsi, shi ma sai canji ya haura kashi 5 cikin 100 na yadda yake ranar da ya sa hannu. Za mu sanar da shi a rubuce, in ya ga ba zai iya ba, ya karɓi kuɗinsa cif. In kuma canjin sauka ya yi da irin wannan yawa, ragin nasa ne.

MAI GABATARWA: Mutum da shirinsa, Allah da nasa. Wanda uzuri ya taso masa ya fasa?

MANAJA: Kafin a yanki tikiti, za mu cire 50,000 na ɗawainiya mu mayar da sauran cikin kwana 14. Bayan an yanki tikiti an buga biza, kuɗin biza ya tafi, kamfanin jirgi ma zai cire nasa, kuma za mu nuna takardar abin da suka cire. In saura ƙasa da kwana 14 a tashi, kuɗin otal ma ba ya dawowa, don mun riga mun biya. Wanda aka hana shi biza, kuɗin neman bizar kaɗai zai rasa. In rasuwa ce, Allah Ya sa mu cika da imani, ba ma cire ladan ɗawainiya, duk abin da muka iya karɓowa magada za mu ba. In kuwa daga ɓangarenmu ne, misali ayarin bai kai mutum 25 ba, za ku zaɓa: kuɗinku duka, ko kujera a ayari na gaba. Kamfanin jirgi kan ɗaga tashi da kwana ɗaya ko biyu. In hakan ta faru muna can, ƙarin kwanan otal da abinci a kanmu yake.

Sharaɗi na ƙarshe, kowa zai kawo mai tsaya masa ya sa hannu cewa tare za a tafi, tare za a dawo. Bizar Umra ta ibada ce, ba ta zama ko neman aiki ba. Mutum ɗaya ya maƙale, tara ta hau kansa, ta hau kamfani, ta kuma toshe wa na baya hanya.

MAI GABATARWA: Mai so ya zo da me?

MANAJA: Fasfonsa, hoto biyu masu farin bango, da lambar wayar wani na kusa da shi. Muna buɗewa Litinin zuwa Asabar, ƙarfe tara na safe zuwa biyar na yamma, ranar Juma'a mukan rufe daga sha biyu zuwa uku. Ɗa ko 'yar da ke son biya wa iyaye, a zo da su, ina so in ji lafiyarsu daga bakinsu. Takardar kyauta ce, a ɗauka a tafi da ita gida a yi shawara.

MAI GABATARWA: Lambar ofis ga ta nan a ƙasan allo. Hajiya, mun gode. Allah Ya kai mu, Ya karɓa.

MANAJA: Amin, Malam. Sai mun gan ku.