Neman Kwafin Hotunan MRI da Rahoton Mahaifina, Alhaji Sani Garba

Unguwar Abbasiyya,
Alƙahira, Masar.
Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Shugaban Sashen Ɗaukar Hoton Jiki,
Ta hannun Babban Daraktan Asibiti,
Kano, Nijeriya.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da dukan ma'aikatan sashenka. Allah Ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da marasa lafiya.

Sunana Auwalu Sani Garba, ni ne babban ɗan Alhaji Sani Garba, mai katin asibiti lamba 24/07315. Shekarunsa 68. Ina karatun digiri na uku a nan Alƙahira, shi ya sa ban zo da ƙafata ba. Dalilin wannan takarda shi ne in roƙi a ba mu kwafin hotunan MRI na ƙashin bayansa, waɗanda aka ɗauka a sashenku ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, da kuma kwafin rahoton da likitan hoto ya rubuta a kansu. Ƙanena Nasiru ya je makon jiya, aka ce masa sai an kawo buƙatar a rubuce tare da amincewar mara lafiya. Hakan shi ne daidai. Ga buƙatar, ga kuma amincewar a haɗe.

Bari in ɗan yi bayanin halin da ake ciki, don a ga abin da ya sa muka matsu. Baba ya yi sama da shekara talatin yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma a ƙuruciyarsa da kansa yake ɗaga dila. Ciwon baya ba baƙonsa ba ne, ya daɗe yana shafa man zafi yana wucewa. Abin ya canza ne tun bayan Babbar Sallah. Masallacin unguwarmu bai fi tafiyar minti biyar daga gida ba, amma yanzu sai ya zauna sau biyu a hanya, saboda ƙafafunsa suna yin nauyi, ta hagu kuma tana mutuwa tun daga cinya har babban yatsa. In ya zauna ko ya ɗan sunkuya a kan sandarsa sai abin ya lafa, in ya miƙe ya ci gaba sai ya dawo. Salla ma a kan kujera yake yi. Likitan ƙashi da ke ganinsa a asibitinku ya duba hoton ya ce hanyar jijiyoyi ta matse a ƙasan baya, wajen L4-L5, kuma ya kawo maganar tiyata.

Ba mu da wani ƙorafi a kan likitan. Ya yi wa Baba bayani cikin natsuwa, kuma shi da kansa ya ce babu laifi mu ji ta bakin wani likita kafin mu yanke shawara. Tiyatar baya ga dattijo mai ciwon suga ba abin da za a shiga da gaggawa ba ne. Na samu wani likitan tiyatar ƙashin baya a nan, ya ba ni lokaci ranar Laraba, 26 ga Fabrairu. Sharaɗinsa ɗaya: sai ya ga hotunan da idonsa, a kan na'urarsa.

Mun gwada hanya mai sauƙi, ba ta yi ba. Ranar da aka ɗauki hoton an ba mu fim guda biyu a cikin ambulan. Nasiru ya manna su a tagar ɗakin Hajiya da hantsi, ya ɗauka da waya, ya turo mini ta WhatsApp. Da na buɗe wa likitan sai ya yi murmushi ya juyo mini da allon. Ga ƙashin bayan Baba nan, amma ta cikinsa ana hango ƙarafan taga da reshen darbejiyar da ke ƙofar gida. Ya ce ko da an ɗauka da kyau, abin da ke kan fim zaɓaɓɓun hotuna ne kawai daga cikin masu yawa da na'ura ta ɗauka. Shi kuwa yana so ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara haske ya rage, ya auna faɗin hanyar jijiyar da kansa. Hoton waya ba ya ba da damar ko ɗaya daga ciki.

Saboda haka abin da nake roƙo shi ne ainihin fayilolin kamar yadda suka fito daga na'ura, a tsarin DICOM, ba a mayar da su JPEG ko PDF ba. A saka dukan jerin da aka ɗauka, na T1 da na T2, waɗanda aka yanko ta gefe da waɗanda aka yanko a kwance, kada a tsame wasu a bar wasu. In za a ƙona su a faifan sidi, don Allah a bar fayil ɗin DICOMDIR a ciki, domin da shi manhajar asibitin nan ke gane jerin hotunan. In sashenku na karɓar filash, Nasiru zai zo da sabo fil a ledarsa. In kuma ƙa'idarku ta hana a soka filash ɗin waje a kwamfutar sashe saboda gudun cuta, na fahimta, faifan ma ya wadatar. Sai dai ina roƙon a yi guda biyu. Faifai abu ne mai saurin karcewa, ga kuma ƙurar hunturu.

Sai rahoto. Wanda aka ba mu an saka shi cikin fayil ɗin Baba ranar da ya ga likitan ƙashi, ba mu riƙe kwafi ba, kuma laifinmu ne da ba mu yi hoton takardar ba kafin mu miƙa. Muna buƙatar cikakken rahoton da aka buga, mai ɗauke da suna da sa hannun likitan da ya karanta hoton, da kwanan wata, da hatimin asibiti. A Turance yake, kuma haka ake so a nan, ba sai an fassara shi zuwa Larabci ba. Akwai tambaya guda da likitan ya yi mini na kasa amsawa: ko an yi wa Baba allurar ruwan da ke ƙara fito da hoto? Baba ya ce bai tuna an soka masa komai ba, Nasiru kuma a waje aka bar shi. In rahoton bai faɗa ba, a taimaka a rubuta mana a gefe. Haka kuma akwai hoton eksire na baya da aka yi masa a watan Nuwamban 2024. In yana cikin ma'ajiyarku, a haɗa mana da shi.

Wataƙila a ce me zai hana a kawo shi Masar a sake hoton gaba ɗaya. Mun yi wannan tunanin. Kuɗin jirgi da biza da masauki na mutum biyu ba ƙaramin abu ba ne a yadda canji yake yanzu, kuma zaman jirgi na sa'o'i ga mai irin ciwonsa azaba ce. In likitan nan ya duba ya ce abin da aka faɗa a Kano shi ne, to a Kano za a yi aikin, kusa da iyalinsa, mu huta. Sannan akwai shi kansa Baba. Ya yi fiye da rabin awa kwance a cikin na'urar, ba motsi, ga ƙara kamar ana buga ƙarfe a maƙera. Da ya fito ya ce wa Nasiru ya karanta Yasin har sau biyu, kuma wannan ramin ba zai sake shigarsa ba sai ranar da ba shi da zaɓi. Ba na so a mayar da shi ciki alhali hoton yana nan a kwamfutarku.

Na san sirrin mara lafiya amana ce a hannunku, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a fitar da bayanansa ga wani ba tare da amincewarsa a rubuce ba, ko da ɗansa ne. Na kuma san Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba mutum damar neman kwafin bayanan da aka ajiye a kansa. Don haka buƙatar ta Baba ce, ni ɗan aike ne. Na haɗa takardar amincewarsa, wadda ta ambaci sunana da na Nasiru a matsayin waɗanda ya yarda a ba. Za ka ga da rubutun ajami ya sa hannu, haka yake yi ko a banki, ya kuma dangwala yatsa a ƙasa. Akwai kwafin katin asibitinsa, da takardar shaidarsa ta ɗan ƙasa, da rasit ɗin kuɗin hoton, da shafin fasfo ɗina, da katin shaidar Nasiru. Abu ɗaya da zan ja hankali a kai: a katin asibiti an rubuta Sani Garba, a takardar ɗan ƙasa kuma Muhammad Sani Garba. Mutum ɗaya ne, ranar haihuwar ma ɗaya ce a duka biyun. In duk da haka ana so a ji daga bakinsa, lafiyar hankalinsa ƙalau, ana iya kiransa a lambar da ke kan takardar amincewar. In ya zama dole a gan shi ido da ido, Nasiru zai kawo shi, sai dai a taimaka a sa mana lokaci don kada ya daɗe a layi.

Duk abin da ya kama na kuɗin faifai ko na buga rahoto, a faɗa wa Nasiru, zai biya a wurin biyan kuɗi na asibiti ya kawo rasit. Shi ne zai karɓi kayan hannu da hannu. Akwai wani abokin karatuna da zai taso daga Kano zuwa Alƙahira ranar Lahadi, 23 ga Fabrairu, ya yarda ya riƙo mini faifai ɗaya, ɗayan kuma ya zauna a gida. Saboda haka in da hali, muna roƙon a kammala kafin ranar Alhamis, 20 ga wata, domin Nasiru ya samu ya buɗe faifan a kwamfuta ya tabbatar yana aiki tun da sauran lokacin gyara. In sashenku na da hanyar tura fayilolin ta intanet cikin tsaro, wannan ya fi mana sauri, adireshin imel ɗina yana kan takardar amincewar. Azumi ma ya ƙarato, ana sa ran farkon Maris, kuma muna so mu san matsayarmu kafin ya kama, saboda batun sugansa da magungunan da yake sha.

Likitan nan ya gargaɗe ni cewa in Baba ya fara kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ƙafar ta saki gaba ɗaya, kada mu jira faifai ko ra'ayin kowa, a garzaya da shi sashen gaggawa. Na faɗa wa mutanen gida. Zuwa yau, alhamdulillahi, ba mu ga ko ɗaya ba.

In kuwa wannan buƙata ta sashen ajiyar fayilolin marasa lafiya ce ba taku ba, ina roƙon a miƙa musu takardar, a kuma sanar da Nasiru ofishin da zai nufa. Ana iya kirana kowane lokaci. Agogon Alƙahira yana gaba da na Kano da awa ɗaya kawai a wannan watan.

Na gode ƙwarai. Allah Ya ƙara girma, Ya ba marasa lafiyarmu da naku sauƙi, amin.

Naka cikin girmamawa,

Auwalu Sani Garba
A madadin mahaifina, Alhaji Sani Garba