Sallama da godiya ga ɗakin jarirai

Assalamu alaikum.

Jiya da ƙarfe takwas na safe na miƙa rahoton aikin dare na ƙarshe, na damƙa makullin durowar magani a hannun Sistar da ta karɓe ni, na wanke hannu a famfon bakin ƙofa na fito. Shekara 7 da wata 4 ke nan ina aiki a ɗakin jarirai na wannan asibiti. Wata mai kamawa, in Allah Ya yarda, zan fara karatun digiri na biyu a fannin jinyar jarirai, na tsawon shekara 2. Wasu mun yi sallama baki da baki, da yawa kuma ban samu ganinsu ba, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Da ku zan fara, iyaye mata, don ku ne kuka fi koya mini aikin nan. Ba ƙaramin abu ba ne mace ta haihu, jikinta bai ko warware ba, a ce mata ɗanta yana cikin kwalba, ba za ta taɓa shi ba sai ta wanke hannu har gwiwa, ba za ta ba shi nono ba sai dai ta tatsa a kofi a zuba masa ta roba a hanci. Na ga kun jure wannan, wasu kwana 3, wasu wata 2.

Akwai wata baiwar Allah da ba zan manta ba. Ta haihu a mako na 30, cikin bai kai mako 37 da ake so ba, yaron kilo 1.2, tafin ƙafarsa bai fi babban yatsana ba. Ranar da muka fara ɗora mata shi a ƙirji, fata da fata, muka ɗaure da zane, jikinta rawa yake yi. Ta ce, “Sista, kar in karya shi.” Na ce mata ɗumin jikinta magani ne, shi zai riƙe zafin yaron tsakanin digiri 36.5 da 37.5, ya kuma daidaita masa numfashi. Kullum da safe tana tsaye a gefen sikeli tun kafin in iso, in ya ƙara giram 20 sai ta rufe fuska da mayafi tana hamdala. Wani dare wajen ƙarfe uku ta taɓo ni, ta ce, “Sista, numfashinsa ba irin na ɗazu ba ne.” Na duba, na’ura ba ta yi ƙara ba tukuna, amma gaskiyarta: yaron yana ɗauke numfashi, leɓensa ya fara canza launi. Muka yi abin da ya kamata, Allah Ya sa aka dace. Tun daga wannan dare ban ƙara jin uwa ta ce ɗanta ya canza na ce mata ta je ta kwanta ba. Bayan mako 7 muka sallame su. Bara ta kawo mini shi har bakin ƙofa, yana ta ƙoƙarin fizge mini katin wuya.

Ba kowa ya fita da ɗa a hannu ba, kuma ba zan yi sallama in tsallake ku ba. Ku da muka naɗe muku jariri a zanen da kuka zo da shi don goyo, wasunku har godiya kuka yi mana a wannan hali. Wallahi wannan godiyar ta fi komai nauyi a zuciyata. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya musanya muku da mai albarka.

Masu tambayata me zai kai ni makaranta bayan na iya aiki, amsar tana wurin waɗannan yaran. Hannuna ya iya. Ina samun jijiya a hannun bakwaini, ina ƙirga numfashi in san ya haura 60 a minti guda, ina rufe idon mai ciwon shawara in sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Amma akwai daren da na tsaya a kan wata yarinya da huhunta bai ƙosa ba, ƙirjinta yana lotsawa da kowane numfashi, na yi duk abin da na sani har asuba, ta cika. Bayan nan na zauna da likita ya yi mini bayanin wani sinadari da huhu ke samarwa don kada ƙananan jakunkunan iska su manne, wanda bakwaini kan zo duniya bai tara isasshe ba. A wurin na gane cewa na san yadda ake yi, dalilin yin ne ban sani ba sosai. Ina so in karanci dalilin, in iya hango matsala tun kafin ta iso, in kuma koyar da na bayana da hujja.

Mama Metiron, ranar da na fara aiki kika mayar da ni famfo sau uku saboda na bar zobe a yatsa. Na ji ciwo a ranar, na yi kuka a ɗakin canza kaya. Yau na san rayuka nawa wannan tsananin naki ya kare, don cutar da babba zai shanye ita ce ke kayar da bakwaini cikin sa’o’i. Ke kuma kika fara ce mini in nemi karatun nan, kika rubuta mini takardar shaida da hannunki. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara girma.

’Yan’uwana nas-nas, mun ga dare tare. Wadda ta riƙe mini aiki ranar da mahaifina yake kwance, waɗanda suka yi musayar kwana da ni lokacin jarrabawar shiga, ba ku taɓa yi mini gori ba. Ungozomomi, da ku kan shigo a guje da jariri a naɗe don kada ya yi sanyi a hanya, na gode. Likitocinmu, na gode da kiran tsakar dare da kuke amsawa, da tambayoyina da ba ku gaji da su ba. Mutanen ɗakin gwaji da na ɗakin magani, kun sha naci a wurina.

Ina so a ji wannan da kyau: Iya mai goge-goge tana cikin masu jinyar yaran nan. Ita ke goge kwalba lungu-lungu kafin a sa wani, kuma ita ke zama kusa da maijegon da ta kasa barci tana ba ta baki. Haka Baba mai kula da janareto, da wuta ta ɗauke kafin mu kira ya riga ya tashi, don ya san akwai masu numfashi da oksijin. Sunayenku ba sa shiga fayil, amma mu mun sani.

Zama tare ba ya rasa saɓani. Akwai uban da na hana shiga saboda yana tari, akwai kakar da na karɓe wa ruwan da take son ɗiga wa jariri a baki, akwai ɗalibar da na yi wa faɗa a gaban mutane alhali ya kamata in ja ta gefe. Na farko da na biyu don yaro na yi, ko da yake muryata ta yi sama. Na ukun kuskurena ne. Duk wanda na ɓata wa, da sani ko da rashin sani, don Allah ya yafe mini. Ni na yafe wa kowa.

Niyyata in dawo wannan ɗaki idan na gama, in da rai da lafiya. Ku sa ni a addu’a.

Sista mai aikin yamma, yarinyar gado na 4 jiya ta fara kama nono da kanta, amma tana saurin gajiya, a ci gaba da cika mata da kofi. Uwarta mai kunya ce, ba za ta kira ki ba ko tana buƙata, sai kin leƙa ta. Ranar da aka sallame su, ku aiko mini da saƙo.

Taku,
Sistar ɗakin jarirai