Gargaɗi ga duk ma'aikata kan saƙon albashi na bogi

Assalamu alaikum.

Jiya Talata da yamma wani imel ya shigo wa da yawanmu, wai daga sashen albashi, yana cewa za a riƙe albashin watan nan idan mutum bai sabunta bayanan bankinsa kafin ƙarfe 12 na rana ba. Ƙarya ce, aikin 'yan damfara ne. Sashen albashi ba ya tambayar BVN ko lambar sirri ta imel.

Wanda bai taɓa mahaɗin da ke cikin imel ɗin ba, ya goge saƙon kawai. Don Allah kada a tura wa kowa, ko da niyyar jan kunne.

Idan kun latsa, ku cire kwamfutar daga intanet, amma kada ku kashe ta. Ku canza kalmar sirrinku daga wata na'urar, sannan ku zo ofishin kwamfuta, hawa na biyu, yau ɗin nan. Wanda ya riga ya rubuta lambar kati ko OTP, ya fara kiran bankinsa a toshe asusun, tun kafin ya zo wurinmu.

Ba wanda za a hukunta. Saƙon har da tambarinmu, kowa na iya faɗawa. Ɓoyewar ce za ta cuce mu.

Albashi zai shiga a lokacinsa, in sha Allah.

Shugaban Sashen Kwamfuta,
ofishin Sakkwato