Tsarin ajiye bayanai na bincikenmu kan mata masu turara shinkafa a Kura da Bunkure

Salam 'yan uwa, ga tsarin da muka yi magana a kai ranar Asabar, dan Allah kowa ya karanta har ƙarshe kafin mu fita fili ranar 10 ga Nuwamba 2025, domin shi kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da shi kuma da shi za a kama mu.

Abin da za mu tara dai hira 40 ce da murya, kowacce kamar awa ɗaya, sai takardar tambayoyi 300 ta manhajar waya KoboCollect, sai takardun amincewa da littattafan da kuke rubutu a fili. Muryar a WAV za mu ɗauka, mono, awa ɗaya tana cin sama da 300MB kaɗan, duka 40 ɗin wajen 13GB kenan, wuri ba zai zame mana matsala ba. Nauyin yana cikin abin da matan za su faɗa. Mace za ta gaya miki ribar da take samu a buhu, da bashin da dillali ke binta, da adashin da maigidanta bai san tana zubi ba, wlh idan wannan ya fita ya koma unguwa aure zai iya girgiza, kuma ta faɗa ne saboda mun zauna a tabarmarta mun ce ba mai ji.

Da rikodar aiki kawai za a ɗauki hira, banda wayar kowa. A aikin da na yi a baya wata abokiyar aikinmu ta ɗauka da wayarta, da dare ƙaninta ya karɓa zai kalli bidiyo wayar ta faɗa bokitin ruwa, hira shida suka tafi haka nan, muka koma muna ba tsofaffi haƙuri su maimaita, biyu suka ce sun gaji. Kuma ba a tura murya ta WhatsApp ko imel ko da ni ce na ce a turo, kuskuren taɓa suna ɗaya ya isa ta faɗa guruf ɗin dangi.

Amincewa a fayil daban ake ɗaukarta. Da yawansu ba sa karatun boko, toh ki karanta mata takardar da Hausa, ta faɗi sunanta da cewa ta yarda, ki tsayar da rikoda, sannan ki buɗe sabon fayil na hira wanda lambar da muka ba ta kawai, kamar H012, za ki faɗa a farkonsa. Sunan fayil haka zai kasance, ba sunan mutum ba sunan unguwa:

```
KR_H012_2025-11-14.wav
KR_H012_2025-11-14_rubutu.docx
BK_tambayoyi_v02.csv
```

Akwai fayil guda da muke kira mabuɗi, shi ne ke nuna H012 wace ce da lambar wayarta. Ni da mai kula da bayanai kaɗai ke buɗe shi, yana kan filasha tasa daban a kulle da VeraCrypt cikin durowar ƙarfe a ofis tare da takardun amincewa, baya hawa intanet kuma baya zama folda ɗaya da hirarraki.

Maganar ɓoye suna ita ce nake so mu tsaya a kai sosai, don cire suna kaɗai baya ɓoye mutum a ƙauye. Idan rubutu ya ce matar mai unguwa ce, ko ita ce mai injin casa a layinsu, ko mijinta ya rasu a hanyar Zariya bara, ai kowa a garin ya gane ta ko da mun kira ta H012. Saboda haka mai rubuta hira zai sauya irin waɗannan a cikin baka mai kusurwa, misali [ƙauye a Kura], [ɗanta na fari], [wani dillali], kuma ya rubuta kowane sauyi a takardar sauye-sauye wadda za ta zauna tare da mabuɗi. Ku saurari bayan muryar ma, sau da yawa ana tsakiyar hira maƙwabciya za ta yi sallama ta kira ta da Maman wane, ko yaro ya shigo ya ce Baba wane na kira, irin wannan wurin a rubutu a cire, a murya kuma a shafe shi da Audacity a kan kwafi, asalin ba a taɓa shi. Ita murya kanta shaida ce, duk wanda ya san mace zai gane muryarta, shi ya sa ba za mu ba kowa muryoyin ba a wajen tawaga, rubutun da aka tace kawai.

A ɓangaren tambayoyi, na cire GPS daga fom ɗin gaba ɗaya. Shekaru za su koma rukuni, 18 zuwa 29, 30 zuwa 39 haka, kuɗin shiga ma rukuni, kuma duk rukunin da mutanensa ba su kai 5 ba a haɗe shi da na kusa da shi. A kowace waya a kunna `Delete after send` don fom ya goge da zarar ya tafi, wayar kuma da fin, ba zanen yatsa da yara ke haddacewa ba.

Kwafi uku muke ajiyewa, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Na farko kan laftof ɗin aiki, na biyu had-diski a ofis, na uku a ma'ajiyar intanet ta jami'a, dukkansu a kulle kafin su bar laftof. Duk ranar da aka yi hira, a daren nan za a kwafe ta, ko babu wuta akwai fawa-bank da sola, kuma kar a goge mimorin rikoda sai an ga kwafi biyu sun buɗe sun yi magana. Duk Juma'a mai kula da bayanai zai tabbatar fayil bai lalace ba:

```
sha256sum *.wav > lissafi.txt
sha256sum -c lissafi.txt
```

Layin farko a kan laftof ake yinsa, na biyun a kan had-diski bayan an kwafe `lissafi.txt` can. Ƙarshen kowane wata kuma za mu ɗauko hira ɗaya daga intanet mu buɗe ta mu saurara don mu ga da gaske tana dawowa.

Idan rikoda ko waya ko filasha ta ɓace, a kira ni a take, ko ƙarfe biyun dare ne, ba faɗa zan yi ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba da awa 72 ne a sanar da hukumar NDPC idan ɓatan zai iya cutar da masu bayanan, ɓoyewa kwana biyu saboda kunya cinye mana lokacin zai yi.

Duk wadda ta ce ta fasa, a rubuta lambarta a kawo min, zan goge muryarta da rubutunta a kwafi ukun cikin sati ɗaya, ba sai ta faɗi dalili ba. Ranar 31 ga Disamba 2026 za mu goge muryoyi da mabuɗi a gaban mutum biyu, littattafan fili a ƙone su, daga ranar ba za mu iya gano ta wace ce ba, toh ku gaya musu wannan tun a zaman farko. Rubutun da aka tace da fayil ɗin CSV za su zauna a ma'ajiyar jami'a har 2031, mai son amfani da su sai ya nema a rubuce.

Kowa ya zo ofis ranar Alhamis 6 ga Nuwamba ƙarfe goma da wayar aikinsa, za mu saita KoboCollect tare, a raba rikoda, sannan kowa ya sa hannu a kwafin wannan takarda.